Ɓawo da ƙaiƙayi a bakin fatar ido: me ya sa yake tafiya ya dawo?

*Likita, barka da aiki. Shekarata 43, ina sayar da albasa a Mile 12, gidana kuma a Agege. Kusan shekara biyu ke nan kullum na tashi da safe sai in tarar gashin idona ya manne, da wani ɓawo-ɓawo a gindinsa kamar amosani. Bakin fatar idon ya yi ja, yana ƙaiƙayi, cikin idon kuma kamar an zuba yashi. Na sayi maganin ɗigawa a kemis ya fi kala biyar. In ina sawa sai ya lafa, in na bari sati biyu ya dawo. Hazbiya ta fito min sau uku bana. Maiɗakina na tsoron kada yara su ɗauka. Makanta ce ke tafe? Kuma wane magani ne zai raba ni da shi gaba ɗaya?*

Malam, sannu da fama, Allah Ya ba da lafiya. Ban ga idonka ba, amma yadda ka kwatanta abin ya yi kama sosai da ciwon da mu a asibiti muke kira bilefaraitis, wato kumburin bakin fatar ido, daidai layin da gashin ido ke tsirowa. Kusan ba ranar da zan zauna duba marasa lafiya ban ga mai shi ba.

Bari in fara da abin da zai kwantar maka da hankali. Shi kansa ciwon da wuya ƙwarai ya makantar da mutum. Kuma ba ya yaɗuwa kamar afolo, don haka ka gaya wa uwargida kada ta raba maka kwano ko ta hana yara hawa jikinka. Tawul ɗin fuska ne kawai ya kamata kowa ya riƙe nasa, wannan kuwa ko da lafiya lau ake. Abin da ba za ka so ji ba shi ne, babu kwalbar da za ta raba ka da shi gaba ɗaya. Ba don ba ka dace da maganin kirki ba ne. Yanayin ciwon ke nan, kuma in ka gane dalili, za ka daina ɓarnar kuɗi a kemis.

Ka tsaya gaban madubi inda akwai haske, ka ɗan ja fatar idonka ta ƙasa da yatsa. Tsakanin gashin ido da ƙwayar idon akwai wani siririn dandamali, faɗinsa bai wuce kaurin tsinken ashana ba. A kan dandamalin nan akwai ƙananan ƙofofi a jere, waɗanda ido ba ya gani sosai sai da na'urarmu mai fitila. Kowace ƙofa bakin wata 'yar jakar mai ce da ke tsaye a cikin fatar ido. Akwai kamar 30 zuwa 40 a fatar sama, 20 zuwa 30 a ta ƙasa. Wani likita Bajamushe, Heinrich Meibom, shi ya bayyana su tun a 1666, shi ya sa har yau sunansa suke ɗauke da shi a littattafanmu. Duk ƙiftawar da ka yi, jakunkunan nan sukan matso ɗan mai kaɗan, ya bazu a saman hawayen da ke lulluɓe da ƙwayar ido. Amfaninsa shi ne hana hawayen bushewa da wuri, kamar yadda man da ke saman miya ke hana ta saurin ƙafewa.

A jikin mai lafiya wannan mai ruwa-ruwa ne, garai kamar man gyaɗa. A jikin mai irin ciwonka yakan yi kauri. Ka san yadda manja ke yin barci a kwalba da sanyin hunturu, ka juya kwalbar ya ƙi zubowa? To haka. In na matsa fatar idon mai wannan matsala a ƙarƙashin na'ura, wani sai ka ga abu ya fito gurɓatacce kamar ruwan kamu, wani kamar man goge baki, wani ma ba abin da ke fitowa. Ƙofa ta toshe, mai bai kai ga hawaye ba, hawaye ya bushe, sai ido ya yi ta raɗaɗi kamar da yashi a ciki. Abin mamaki ma, irin wannan ido yakan yi ta zubar da ruwa, musamman a iska ko a kan babur, domin bushewar ce ke tsokanar sa ya kwararo da hawaye marar mai wanda ba ya zama. In jaka ɗaya ta toshe gaba ɗaya ta kumbura, ko ƙwayar cuta ta shiga gindin gashi, ga hazbiyarka nan. Hazbiya uku a shekara ɗaya ba rashin sa'a ba ne, rassa ne na itace guda.

Wannan ɓangaren baya na ciwon ke nan, wato na jakunkunan mai. A gaba kuma, wajen gindin gashin, akwai ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a fatar kowane ɗan Adam tun yana jariri. Ba baƙi ba ne, 'yan gida ne. Idan mai da matacciyar fata suka taru a gindin gashi, sai su samu abinci, su yi yawa, su riƙa farfasa man nan yana zama abu mai cin fata. Daga nan ja da ƙaiƙayi da ɓawon da kake gani da safe. Da dare ido a rufe yake, ba ƙiftawa, ba abin da ke wanke wurin, shi ya sa safiya ta fi muni. Yawancin masu ciwon suna da na gaba da na baya a haɗe.

Yanzu ka ga dalilin da ya sa ɗigon kemis ke yaudararka. Maganin kashe ƙwayoyin cuta yakan rage yawan bakteriya na 'yan kwanaki, sai ka ji sauƙi. Amma bai narkar da man da ya daskare ba, bai kankare ɓawon ba, kuma yawancinsa cikin ido yake faɗawa ya bi hanci ya wuce, bai ma taɓa gindin gashin ba. Kana dainawa, fatarka na ci gaba da yin irin man da ta saba yi, 'yan gida kuma su sake hayayyafa. Ba wanda ke yin asuwaki na wata guda ya ce ya gama da dattin haƙori har abada. Bakin fatar idonka ya shiga wannan sahun.

Na san abin da za ka ce, domin kusan duk ɗan'uwa Musulmi da na gaya wa haka sai ya ce, "Haba likita, ni da nake alwala sau biyar a rana?" Gaskiya ne, amma ka lura da abin da kake yi in ka watsa ruwa a fuska: runtse ido kake yi. Da ka runtse, bakin fatar sama da na ƙasa sun haɗe, wurin da ke da matsalar ya ɓuya. Ruwan kuma mai sanyi ne, ba ya narkar da mai. Mutum zai iya zama mafi tsafta a unguwarsu ya kuma yi wannan ciwo. Ba ƙazanta ba ce.

To ga aikin. Abu uku ne a jere, kuma jerin na da muhimmanci: gasa ido da ɗumi, tausa, sannan gogewa.

Gasa idon shi ne inda mutane suka fi kuskure, don haka zan daɗe a kansa. Ana so ɗumi ya ratsa fatar ido har ya kai ga man da ke ciki, ya narkar da shi kamar yadda man kaɗanya ke narkewa a tafin hannu. Zafin da ake nema wajen digiri 40 ne, wato ɗan sama da ɗumin jiki, irin ruwan da za ka yi wa jariri wanka ko ya ɗara kaɗan. Ba ka buƙatar ma'auni. Ka tsoma ƙaramin tawul mai tsabta, ka matse, ka ɗora a cikin tsintsiyar hannunka. In za ka iya barinsa a nan ba tare da ka janye ba, ya yi. Sai ka rufe ido ka ɗora. Matsalar ita ce tawul yakan huce cikin minti ɗaya ko biyu, alhali ana son ɗumin ya ɗore minti 5 zuwa 10 ba yankewa. Wanda ya ɗora sau ɗaya ya zauna da tawul mai sanyi a fuska har minti goma, bai yi komai ba. Ka ajiye kwanon ruwan ɗumi kusa da kai da filas a gefe, ka yi aiki da tawul biyu, ɗaya na kan ido ɗaya na cikin ruwa, kana musanyawa. Wata dabarar da na fi so ga wanda ke da hali ita ce dafaffen ƙwai da ɓawonsa: a bar shi ya ɗan sha iska, a naɗe shi a hankici mai ɗan damshi, a ɗora. Yana riƙe zafi fiye da tawul nesa ba kusa ba, in ka gama kuma ka karya da shi. Sai dai a kula, fatar ido ita ce fata mafi siranta a jiki. Na sha ganin wanda ya ƙona kansa don yana ganin ƙarin zafi ƙarin lafiya ne. Tsofaffi da masu ciwon suga su fi kowa taka-tsantsan, ga su nan ba sa jin zafi da wuri.

Da ka sauke tawul, kada ka tsaya amsa waya, domin man zai sake daskarewa. Nan take ka yi tausa. Jakunkunan a tsaye suke, bakinsu na wajen gashin ido, saboda haka kullum wajen gashin ake turawa. A fatar sama, ka rufe ido, ka sa kan yatsa a ƙasan gira ka shafo ƙasa. A fatar ƙasa, ka kalli sama, ka turo daga ƙasa zuwa sama. Ka bi daga gefen hanci har gefen kunne, kamar sau biyar a kowace fata. Da ɗan nauyin hannu, amma ba murza ba, ba kuma danna ƙwayar ido ba. In ka ga taurari ko ka ji zafi, ka yi yawa. Bayan tausa gani kan ɗan yi hazo na 'yan mintoci. Kada ka tsorata, man da ya fito ne ya bazu, alama ce ma cewa aikin ya ci.

Sai gogewa. Ka zuba ruwan da aka tafasa ya huce a ƙaramin kofi mai tsabta. Ka samu auduga, ko tsinken audugar nan da ake goge kunne da shi, ko ka naɗa tsumma mai laushi a yatsa. Ka jiƙa, ka matse, ka ja fatar ƙasa kaɗan ta rabu da ƙwayar ido, ka goge gindin gashin da kansa daga gefe zuwa gefe, kamar mai kankare ƙanzo a hankali. Ta sama ta fi wuya: ka rufe idon, ka ɗan ɗage fatar da yatsa daga wajen gira har gindin gashin ya bayyana, ka goge. Kowane ido da audugarsa. Cikin fatar ido, wurin nan ja mai santsi, ba a taɓa shi. In ɓawon mai maiƙo ne ya ƙi fita da ruwa zalla, ana iya ɗiga sabulun ruwa na wanke kan jarirai, ɗigo biyu ko uku a rabin kofi, a goge da shi, a ɗauraye. Wasu idanun ba sa son sa, yana ƙara musu bushewa. In ka ji haka, koma ruwa zalla. Manyan kemis a Legas suna sayar da 'yan ƙyallayen goge bakin ido da aka yi don wannan aiki. Suna da kyau, suna da sauƙin ɗauka a aljihu, amma suna da tsada, kuma ban ga sun fi hannun da ya iya gogewa ba. Sabulun wanka, sabulun salo, ruwan kashe ƙwayoyin cuta na wanke rauni, duk kada su kusanci wurin. Ruwan kofin kuma a zubar, gobe a haɗa sabo.

Sau biyu a rana za ka fara, safe da dare, har sati huɗu zuwa shida. In ya lafa, ka koma sau ɗaya a rana, ka zauna a nan. Kai da ke sammakon kasuwa kafin a gama sauke kaya, ka jingina na safen da ruwan shayin asuba, tunda an riga an dafa ruwa. Na daren kuma bayan lisha, shi zai kwashe ƙurar kasuwa da hayaƙin hanya kafin ka kwanta. In ɗaya kawai za ka iya a rana, to kada ka fasa don ba ka samu biyu ba.

Sati na farko ba lallai ka ga canji ba. Wani ma idon ya ɗan ƙara ja saboda ana taɓa wurin da bai saba ba. A nan yawancin mutane ke watsarwa su koma kemis.

Bari in ba ka labarin wata baiwar Allah, tela ce a wajen Idi-Araba, shekarunta sun kusa hamsin. Ta zo min da leda cike da kwalabe, ta zazzage a kan tebur, na ƙirga bakwai. Ta nuna ɗaya ta ce, "Wannan ne kaɗai ke ji, likita, amma yanzu sai na sa sau huɗu." Na duba, haɗin maganin ƙwayoyin cuta ne da deksametazon, wato sitiroyid, maganin danne kumburi. Ta fi wata biyar tana ɗigawa. Da na auna ƙarfin ruwan cikin idonta, wanda a mai lafiya yake tsakanin 10 da 21, sai na samu 30 a dama, 28 a hagu. Ba ta jin komai, domin hawan jinin ido ba ya sallama. Allah Ya taimaka jijiyar ganinta ba ta riga ta lalace ba. Muka janye maganin a hankali, muka ba ta na sauke ƙarfin ruwan na ɗan lokaci, na ce ta riƙa gasa ido tana gogewa, ta dawo bayan sati uku.

Ta dawo, awon ya sauko, amma bakin idon na nan yadda yake, ita kuma ranta a ɓace. Na ce ta nuna min yadda take yi. Sai ta ɗauki auduga, ta runtse ido gam, ta shafa saman fatar kamar mai goge hoda. Gindin gashin ko taɓa shi ba ta yi ba. Wajen gasa idon kuma, ashe tawul ɗaya take ɗorawa ta ci gaba da lazimi har ya yi sanyi. Laifina ne, ba nata ba. Ranar farko layi ya yi tsawo, na faɗa mata da baki ban nuna mata da hannu ba. Muka tsaya gaban madubi ni da ita da nas, ta yi a gabanmu har sau biyu. Na kuma lura da amosani a kanta da girarta, ga maiƙo da ɓawo a gefen hanci, sai na haɗa mata da sabulun wanke kai mai ketokonazol sau biyu a sati, da gargaɗin kada ya shiga ido. Na ce ta ajiye kwalli tukuna. Na ba ta man ido na kuloramfenikol, ba don ta matsa a cikin ido ba, sai don ta ɗan lakata a yatsa mai tsabta ta shafa a gindin gashin da dare bayan ta goge, na 'yan makonni kawai. Bayan sati shida ɓawon ya tafi, jan ya ragu sosai, ta ce tana iya zura zare a allura da yamma ba tare da idon ya yi ruwa ba.

Wata huɗu bayan nan sai ga ta kuma. Ɗinkin sallah ya taso, tana kwana a kan keke, fanka na busa mata fuska, ta bar gasa ido kusan wata guda tunda ta ga ta warke. Wannan karon ba mu ƙara ko kwalba ɗaya ba. Ta koma sau biyu a rana, cikin sati biyu ya kwanta.

Na kawo maganar sitiroyid da gangan, domin kalmarka ta "in ina sawa sai ya lafa" ta sa na yi zargin akwai shi cikin kwalabenka. Yana kashe ja da ƙaiƙayi kamar yankan wuƙa, shi ya sa masu kemis ke son ba da shi, mai saye kuma ya dawo yana godiya. Amma kusan mutum ɗaya cikin uku, in ya yi makonni yana ɗigawa, ƙarfin ruwan idonsa kan hau. Daɗewa a kansa na kawo yanar ido, kuma in akwai gyambo a baƙin ido, yana iya rura shi. Mu baƙar fata dama gilakoma, wato hawan jinin ido, ta fi kama mu, kuma a binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ita ce ta biyu wajen makantar da mutane, bayan yanar ido. Ganin da ta ci ba ya dawowa. Ka ga ke nan, in makanta za ta zo ta wannan hanya, ba ta ƙofar ciwon za ta shigo ba, ta ƙofar maganin ne. Mu ma mukan ba da sitiroyid wani lokaci, amma na kwanaki ƙidayayyu, muna auna idon. Haka nan ruwan albasa, ruwan suga, nonon mai shayarwa, fitsari, duk abin da 'yan kasuwa za su ba ka shawara a kai, ka ce ka gode, ka wuce.

Akwai abubuwan da ke hura wutar ciwon, kuma sana'arka ta tara da dama: ƙura, ɓawon albasa da ke tashi in ana zazzage buhu, hayaƙin manyan motoci da na janareta, ga hannun da ya yini cikin kaya sannan ya kai ido. Hunturun Legas gajere ne, amma daga Disamba zuwa Janairu layin masu wannan ciwo kan ƙaru a wurinmu, wanda kuma ya je gida Arewa a lokacin ya fi ji a jikinsa. Kwana da fanka saitin fuska na busar da ido. Kallon waya na rage ƙiftawa, in ba ƙiftawa kuwa man ba ya fita. Ba zan ce ka bar kasuwa ba. Ka sa tabarau lokacin sauke kaya, ka wanke hannu kafin ka taɓa ido, ka karkatar da fanka. Ruwan ɗigawa mai kama da hawaye, wanda ba magani a cikinsa, yana rage jin yashin nan da rana, kuma ba laifi ka riƙe shi a aljihu.

Kwalli fa? Ban sani ba ko kana sawa ranar Juma'a, amma in kana yi, ka lura inda ake zizara shi: daidai kan dandamalin nan, bisa ƙofofin mai. Ga mai toshewa, ƙari ne a kan ƙari, balle in mutum uku ke amfani da maciyi ɗaya. Sannan yawancin kwallin dutse mai ƙyalli da ake sayarwa a kasuwa, wanda Yarabawa ke kira tiro, dutsen dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a Boston da aka samu dalma ta hau a jininsa, da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Na san matsayin kwalli a wurinmu, ba kuma ina raina shi ba ne. Shawarata ita ce ka ajiye shi har idon ya lafa, yara ƙanana kuwa kada a sa musu na kasuwa sam.

In ka yi sati shida kana yin abin nan yadda ya kamata ba canji, to akwai sauran bincike. Abu na farko da nake nema shi ne wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai suna demodeks, da ke zama cikin ramin gashi. Yawancin manya na ɗauke da shi ba tare da ya dame su ba, amma in ya yi yawa yakan kawo ƙaiƙayi mai tsanani. Alamarsa a na'ura ba ta ɓuya: ɓawon ba barbaje yake ba, ya zagaye gindin kowane gashi kamar hannun riga. Maganin bakteriya ba ya taɓa shi. Ana amfani da ƙyallayen gogewa na musamman, kuma sai an ɗauki kamar sati shida saboda a cim ma waɗanda za su ƙyanƙyashe daga baya. Ga wanda jakunkunansa suka toshe sosai, ko hazbiya ta ƙi ƙarewa, mukan ba da ƙwayar doksisaikilin na wata ɗaya zuwa uku, ba don kashe ƙwayar cuta kaɗai ba, sai don tana gyara yanayin man tana rage kumburi. Ba a ba mai ciki, ko mai shayarwa, ko ƙaramin yaro, don haka kada a ga ta yi maka amfani a miƙa wa uwargida. Mai yawan hazbiya a shekarunka kuma, ina so a auna masa suga.

Akwai kuma alamun da ba a jira sati shida a kansu. In gani ya ragu kuma ƙiftawa ba ta washe shi ba, in ido na ciwo sosai ko ba ka iya kallon haske, in ka ga farin ɗigo a baƙin ido, ko fatar ta kumbura suntum da zazzaɓi, ranar za ka tafi asibiti. In kuma ciwon a ido ɗaya ne tak ya ƙi jin magani, gashin wurin na zubewa, ko hazbiya na dawowa a wuri ɗaya ba ta canzawa, a duba da kyau, musamman ga dattijo, domin akwai wata irin sankarar fatar ido da ke shigar burtu da kamannin wannan ciwo. Ba ta da yawa, amma mun fi so mu gan ta da wuri. Wanda ya tashi a karkarar Arewa kuma yake jin gashin ido na sukar ƙwayar idonsa, wannan na iya zama tabon amodari, aikinsa daban ne.

Kai dai, ko ba ɗaya daga cikin waɗannan, shekara biyu da kwalba biyar sun isa a ce likitan ido ya gan ka sau ɗaya. Daga Agege, asibitin koyarwa na jiha da ke Ikeja ya fi maka kusa, akwai kuma sashen ido na asibitin koyarwa da ke Idi-Araba. Ka fara gasa idon da gogewar tun daren yau, ba sai ka jira ranar ba. Ranar da za ka je kada ka goge idon da safe, a bar mu mu ga ɓawon yadda yake, ka kuma zuba duk kwalaben nan a leda ka tafi da su, har waɗanda suka ƙare, ka ce a auna maka ƙarfin ruwan ido.